Sati ɗaya ya rage mini, yaya zan raba bitar ruwaito magana a Turanci?

Zee_Fagge: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina aji shida, bana zan zauna WAEC, daga baya kuma NECO. Malamin Turancinmu ya ce Litinin ta sama zai yi mana gwaji a kan darasin da littafinmu ya rubuta wa Reported Speech, kuma daga tsofaffin tambayoyin jarrabawa zai ɗebo. Na haddace teburin nan na am ya koma was, will ya koma would. Amma da na zo gaban tambaya sai zaɓi biyu su yi mini kama da juna, in rasa wanda zan ɗauka. Awa ɗaya nake samu bayan isha'i, don da yamma ina Islamiyya. Don Allah ku taya ni raba kwana bakwan nan.

Abba_Gwale: Wa alaikumus salam. Abin ba wuya ƙanwata. Ki fara da gaishe da shugaban taro da manyan baƙi, ki kawo hujja uku, ki rufe da godiya. Kullum ki rubuta jawabi ɗaya, kafin sati hannunki ya faɗa.

Maman_Ilham: Abba, ba rubuta jawabi take nufi ba. Wancan a ɓangaren insha'i yake. Wannan na nahawu ne, yadda za ka ba da labarin abin da wani ya faɗa ba tare da ka maimaita shi yadda ya fito daga bakinsa ba.

Abba_Gwale: To, na fahimta. Amma shi ma jawabin kada ta manta da shi, yana fitowa.

Sadiq_Injiniya: Doka ɗaya ce tak. Da kin ga said, kowane aikatau ya ja da baya taki ɗaya. Is ya koma was, went ya koma had gone, can ya koma could, must ya koma had to. Ba ya canzawa. Ni kwana biyu ma sun ishe ki, sauran kwanakin ki ba wa taƙaitawa, can maki yake.

Malam_Habu_Turanci: Zee, kafin in ba ki tsari, bari in faɗa miki dalilin da ya sa teburin da kika haddace bai cece ki ba. Duk wanda ya tashi da Hausa yana da rabin darasin nan a kansa. In Musa ya ce "ina jin yunwa", ke za ki ce "Musa ya ce yana jin yunwa". Kin canza ni zuwa shi ba tare da kowa ya koya miki ba. Amma ki lura, ko jiya ya faɗa, ko bara, "yana jin yunwa" ɗin nan ba ta motsa. Hausa ba ta jan aikatau baya. Shi ya sa kunnenki yake karɓar Musa said that he is hungry, bai ji wani aibu ba, alhali abin da mai jarrabawa yake nema shi ne Musa said that he was hungry. Kin san dokar, kunnen ne bai saba ba, kuma a ɗakin jarrabawa kunne ke yanke hukunci saboda ƙarancin lokaci.

Saboda haka daren Litinin kada ki karanta komai. Ki tsinto tambaya 20 na wannan darasi daga tsofaffin takardu, ki amsa, ki duba. Duk wadda kika faɗi, ki rubuta a gefenta abin da ya kayar da ke: wakilin suna ne, lokacin aikatau ne, kalmar wuri da rana ce irin su here da yesterday, ko jerin kalmomin tambaya ne. Kusan duk kuskuren darasin nan a cikin huɗun nan yake. Ki ware wa kowanne shafinsa, shafin da ya fi cika shi zai ci kwana biyu a satinki.

Talata ta zama ta aikatau kawai, a jimlolin bayani. Ki rubuta jimla 15 gajeru, ki juya su, sannan ki karanta amsar da ƙarfi har kunnenki ya fara jin is bayan said a matsayin baƙon abu. Ki dage a kan guda biyu da yara suka fi mantawa: I ate da I have eaten, duk biyun he had eaten suke komawa. A ranar ne kuma za ki raba said da told. Told sai da wanda aka gaya wa, he told me. Said ba ya ɗaukar mutum kai tsaye, ba a cewa he said me. Mu "ya ce mini" muke cewa, daga nan kuskuren yake shigowa.

Zan dawo da sauran, ana kiran salla.

Hauwa_Jidda: Wallahi Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni he said me ɗin nan har a jami'a ina jin ta a bakin mutane.

Zee_Fagge: Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Amma littafin tsofaffin tambayoyin da nake da shi shekara-shekara aka jera shi, ba darasi-darasi ba. Ta ina zan samo 20 ɗin?

Hauwa_Jidda: Ki buɗe ɓangaren canki-canka na kowace shekara, ki bi da ido kina neman said, told, asked, wanted to know, ordered. Ki sa musu alama da fensir. Ba su da yawa a shekara ɗaya, sai kin haɗa shekaru da dama, ki haɗa har da na NECO. In ba su cika ba, ƙarshen babin littafin aji yana da aikin gwaji.

Sadiq_Injiniya: To kun gani, abin da nake faɗa ke nan. Takardar canki-canka ta WAEC tambaya 80 ce, na wannan darasin 'yan kaɗan ne a ciki. Sati guda sukutum a kan su asara ce.

Malama_Rabi: Sadiq, da a canki-canka kaɗai yake da na bi bayanka. Ni malamar Turanci ce, kuma na san yadda ake raba makin insha'i. Maki 50 ne, 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, wato nahawu da rubutun kalma da alamomi, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Yaron da ya zaɓi rubuta labari ba zai tsere wa ruwaito magana ba: babana ya ce kaza, ɗan sanda ya tambaye ni kaza. In bai iya ba, sai ya fara da said, ya ci gaba da is da will har ƙarshen sakin layi, jan biro ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kuskure 20 ya cinye goman nan kaf, a rubutun da ake so ya kai kalma 450. Haka a auna fahimta da taƙaitawa, in aka ce ka faɗi abin da marubuci ya ce da kalmominka. Awa ɗaya a dare na sati guda bai yi yawa ba.

Sannan dokar taka ta "ba ya canzawa" tana da gyara. In aikatau mai gabatarwa yana lokacin yanzu, babu abin da ke ja baya: He says that he is tired. Would, could, should, might da ought to suna nan yadda suke. Must ma ba kullum yake zama had to ba. In na tilas ne, I must go, to he had to go. In na zato ne, kamar ka ga mutum ya sha tafiya ka ce you must be tired, must ɗin yana nan.

Sadiq_Injiniya: Na karɓi na says da na must, Malama. Amma har yanzu ina ganin taƙaitawa ta fi cancantar lokacin, maki 30 ne fa.

Baban_Khalifa: Ni uba ne, ban yi nisa a Turanci ba, amma ina bin zancen saboda ɗana ma bana zai zauna. Abin da ke damuna shi ne wayar. Zai ce bita yake yi da ita, in ka leƙa ka tarar da ƙwallo. Shin wannan bitar sai da waya?

Maman_Ilham: Ko kaɗan Alhaji. Littafin rubutu da biro da tsofaffin tambayoyi, shi ke nan. Agogo ma na bango ya isa.

Malam_Habu_Turanci: Na dawo. Malama Rabi ta riga ta yi mini aikin ranar Asabar, don keɓantattun nan da ta lissafo a ranar nake son Zee ta zauna da su, bayan doka ta zauna daram. In aka fara da su tun farko yaro ruɗewa yake yi.

Laraba: wakilin suna da kalmomin wuri da rana. Wannan ba ya cin awa guda, saboda kin iya shi a Hausa. Yesterday ya koma the previous day ko the day before, tomorrow ya koma the next day ko the following day, here ya koma there, now ya koma then, ago ya koma before. Abin da zai ci lokacinki shi ne you da your, don su ba su da amsa ɗaya. Sai kin duba wa aka yi wa maganar. In ni aka gaya wa, you ya koma I ko me. In Amina aka gaya wa, ya koma she ko her.

Alhamis da Juma'a na bar wa tambayoyi, duka biyun, kuma ina kyautata zaton shafin nan ne zai fi cika a gwajinki na daren Litinin. Bari mu warware guda ɗaya tare, irin yadda take zuwa.

Bala asked Amina, "Where did you keep my book yesterday?"

A. Bala asked Amina where did she keep his book the previous day.
B. Bala asked Amina where she had kept his book the previous day.
C. Bala asked Amina where she kept my book yesterday.
D. Bala asked Amina that where she had kept his book the previous day.

Kada ki fara da neman wadda ta yi daɗi a kunne. Ki fara da jeri. Tambayar da aka ruwaito ta daina zama tambaya, ta koma bayani, don haka mai aiki ne zai zo kafin aikatau, did ɗin tambaya kuma ya ɓace. A ta faɗi, saboda did she keep har yanzu tambaya take yi. Na biyu, ba a haɗa that da where, ko what, ko if. Kalmar tambayar ita ce mahaɗin. D ta faɗi. Saura B da C, irin zaɓi biyun da kika ce suna yi miki kama. Littafin na waye? Na Bala, kuma ba Bala ke ba da labarin ba, to his ne ba my ba. Did keep shuɗaɗɗe ne, ya ja baya ya zama had kept. Yesterday ya zama the previous day. B ce amsa. Kin ga kafin ki taɓa teburin da kika haddace kin riga kin zubar da zaɓi biyu. Ki riƙe wannan jerin: jeri, mahaɗi, wakilin suna, sannan aikatau.

Alhamis ki yi masu where, what, why, when, how. Juma'a ki yi waɗanda amsarsu i ko a'a ce, su if ko whether suke ɗauka, daidai inda muke sa "ko": Are you coming? ya koma he asked if I was coming. Aya ake sawa a ƙarshe, ba alamar tambaya ba.

Zee_Fagge: Malam, wallahi da A zan zaɓa. Ita ta fi yi mini kama da Turanci.

Malam_Habu_Turanci: Don haka aka ajiye ta a wurin. Ba ke kaɗai ba ce.

Umar_Funtua: Malam, ina umarni da roƙo? Ban ga ranarsu ba a tsarin. A namu lokacin su suka fi fitowa a gwajin makaranta.

Malama_Rabi: Ni ma abin da zan ce ke nan. Malam Habu, da ni ce da na ba wa tambayoyi Alhamis da rabin Juma'a, rabin da ya rage ya tafi ga umarni. Shi umarnin kansa mai sauƙi ne: Sit down ya koma he told me to sit down, Don't shout ya koma he warned us not to shout, not kafin to. Ba a jan aikatau baya a nan ko kaɗan. Inda yara ke zubewa shi ne Let us go. Suna rubuta he suggested us to go, wanda kuskure ne. Ko dai he suggested that we should go, ko he suggested going. Sannan zaɓen aikatau mai gabatarwa: in akwai please, to begged ko requested ko asked, ba ordered ba.

Malam_Habu_Turanci: Ban ƙi ba Malama. Ni a Laraba na so in cusa shi tunda ranar ba ta cika ba. Zee ta duba sakamakon Litinin ta zaɓa.

Sadiq_Injiniya: Tunda an buɗe maganar keɓantattu, ga wadda aka taɓa yin gardama a kanta a ajinmu. The teacher said, "The earth moves round the sun." Moves ne ko moved? Littafin amsoshin da muka yi amfani da shi moved ya ce.

Malama_Rabi: Abin da muke koyarwa shi ne gaskiyar da ba ta gushewa ana barinta a lokacin yanzu, the teacher said that the earth moves round the sun. In duka biyun suna cikin zaɓi, moves zan ce wa ɗalibina ya ɗauka. Littattafan amsoshin kasuwa kuwa ba hukumar jarrabawa ce ta rubuta amsoshinsu ba, masu bugawa ne, kuma ana samun kuskure a ciki.

Malam_Habu_Turanci: Na yarda moves za a zaɓa. Amma kada a ce wa yara moved ba Turanci ba ne, don masu harshen suna faɗin haka kuma nahawu bai hana ba. Bambancin shi ne tsakanin abin da ya halatta da abin da mai tambaya yake nufin gwadawa.

Malama_Rabi: Ni ban cika son buɗe wa ɗan jarrabawa wannan ƙofar ba Malam. Da ka ce masa duka biyun sun halatta, sai ya ɗauka Musa said he is hungry ma ta halatta ko'ina.

Malam_Habu_Turanci: Ita ma ai tana da wurinta, in yanzu Musan ya faɗa kuma har yanzu yunwar yake ji. Amma na fahimci tsoronki. A takardar jarrabawa ba a gaya maka yanzu ya faɗa, to ka ja baya.

Hauwa_Jidda: Malamai kun fara yi mana nisa. Zee, ga abin da ya taimake ni, ba sai kin ware masa lokaci ba. Duk abin da aka faɗa a gida, ki juya shi a zuci. Umma ta ce ki ɗora ruwa: she told me to boil water. Ƙaninki ya tambaya ko Abba ya dawo: he asked whether Abba had returned. Kina wanke-wanke kina yi. Kunnen da Malam yake magana a kansa ta haka yake sabawa.

Baban_Khalifa: Wannan na Hauwa zan sa yaron ya riƙa yi mini, ko ban gane duka ba zan ji ko yana in'ina.

Umar_Funtua: Saura Lahadi ba a faɗa ba.

Malam_Habu_Turanci: Lahadi ta agogo ce. Tambaya 80 a awa ɗaya, kowace tambaya daƙiƙa 45 ke nan. To ta ɗauki sababbin tambayoyi 20 a gauraye, ta ba kansu minti 15, ba ƙari. Ta duba, ta kwatanta da shafukan Litinin. Minti 30 na gaba ta rubuta ɗan labari, rabin shafi, na hira tsakanin mutum biyu, ba tare da alamar buɗe magana ko ɗaya ba, a samu bayani da tambaya da umarni a ciki. Sannan ta bi da biro ta ja layi ƙarƙashin kowane aikatau da ya biyo bayan said ko asked, ta tambayi kanta ko ya ja baya. Kada ta koyi sabon abu a daren. Ta kuma tuna NECO zaɓi biyar take bayarwa, A zuwa E, don haka zubar da na banza tun farko ya fi amfani a can.

Zee_Fagge: Salam. Na yi gwajin daren jiya kamar yadda Malam ya ce. Shafin tambayoyi ne ya fi cika, sai na aikatau. Na wakilin suna babu ko ɗaya. Don haka zan bar Alhamis da Juma'a yadda suke, umarni ya koma Laraba. Amma akwai wadda ta ɗaure mini kai. "Who broke the window?" the principal asked. Na nemi mai aikin da zan dawo da shi gaba ban samu ba.

Malama_Rabi: Ba za ki samu ba 'yata, saboda who ɗin shi ne mai aikin. In tambayar a kan wanda ya yi abin take, jerin ba ya canzawa, aikatau kawai za ki ja: the principal asked who had broken the window. Ki kwatanta da Who did you see?, inda you ne mai aiki: he asked who I had seen. Ki ajiye su gefe da gefe a littafinki, ki ƙara irinsu biyar ranar Alhamis.

Sadiq_Injiniya: Zee, ki dai ciri ko minti 10 daga awar nan ki ba wa taƙaitawa. Ban janye ba.

Umar_Funtua: Malama, to Shall I open the door? fa? Would zai koma ko should? Ƙanwata ce ta tambaye ni yanzu.

Malama_Rabi: Should ne Umar, tunda tayi yake yi ko neman izini: he asked if he should open the door. In shall ɗin na abin da zai faru ne kawai, kamar I shall be twenty next year, shi ne yake komawa would, next year kuma ya zama the following year. Ka ba ta duka biyun ta juya da kanta kafin ka nuna mata amsar.